"An taya shi, ba a sallama ba": yadda ake sayen ragon layya a Kara ba tare da dillali ya yi maka lissafi ba

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Kara ta Sakkwato a goman farko na Zulhajji ya san maganar nan. Kana tsayawa gaban rago, ka dafa bayansa, tun ba ka buɗe baki ba dillali zai matso ya ce, "Alhaji, wanga yanzun nan aka taya shi dubu 400, mai shi bai sallama ba." Magana ɗaya ce, amma aiki biyu take yi a kanka. Ta dasa maka lamba, ta kuma shaida maka cewa akwai wani mai hankali da kuɗi da ya ga ragon ya kai haka. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin waɗannan abubuwa biyu, kuma abin da suka gano yana da amfani ga mai riƙe da kuɗin layyarsa.

Na farko shi ne turken farashi. Lambar da ta fara shiga kunnenka turke ce aka kafa, tunaninka kuma dabbar da aka ɗaure: za ka yi ta kai da kawowa, kana ragi kana ƙari, amma iyakar tsawon igiya. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka bayyana wani gwaji da suka yi. Sun juya faifai mai lambobi a gaban mutane, faifan kuwa an shirya shi ya tsaya ko dai a 10 ko a 65. Daga nan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka. Waɗanda faifai ya tsaya musu a 10, tsaka-tsakin amsarsu 25 ne. Waɗanda ya tsaya musu a 65 suka ce 45. Kowa ya ga da idonsa cewa lambar daga faifai ta fito, ba ta da haɗi da tambayar, amma duk da haka ta ja su. To ina ga lambar da ta fito daga bakin dattijon da ya shekara talatin cikin tumaki?

Na biyu shi ne bin jama'a: idan mutum bai san daidai ba, sai ya ɗauki abin da wasu ke yi ya zama hujjarsa. A 1969 Stanley Milgram da abokan aikinsa suka sa mutane su tsaya a wani titi na birnin New York suna kallon tagar wani bene da ba komai a cikinta. Da mutum ɗaya ne ke kallo, 4 cikin ɗari na masu wucewa suka tsaya. Da aka kai mutum 15, kashi 40 suka tsaya. Ragon da mutum biyar suka kewaye a Kara haka yake jan na shida.

Ga yadda abin ke bin mai saye tun daga gida har ya jawo igiya, da abin da zai yi a kowane mataki. Kuɗin da zan ambata na misali ne kawai, kai ka sa na kasuwar ranar da za ka je.

Mataki na farko: tun a gida ake fara ciniki

Yawanci kafin mutum ya taka Kara an riga an zaɓar masa girman ragon da zai saya. Ragunan da aka ɗaure a ƙofar gidajen layinku, da wanda surukinka ya yanka bara, da maganar yara ta "Baba, namu ya fi na su wane?", su ne suka yanke. Bin jama'a a nan ya fi tsada, domin babu wanda ke kallonsa a matsayin ciniki.

Saboda haka ka raba abin da addini ya nema da abin da unguwa ta nema. Abin da malamanmu na Malikiyya suka fi tafiya a kai shi ne rago ya cika shekara, kuma ya kuɓuta daga aibobi huɗu da hadisi ya ambata: ido ɗaya da ya mutu a fili, ciwo bayyananne, gurguntaka bayyananniya, da ramar da ta cinye kitse. Babu ƙaho mai murɗe uku a ciki, babu tsayin da zai kai ƙugun mutum. Duk abin da ya haura wannan zaɓinka ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya so babba, lada ma ake nema da shi. Amma ka san nawa kake biya saboda nama da lada, nawa kuma saboda idon maƙwabta. Zauna da uwargida ku ƙiyasta naman da gidan ke buƙata, na ci da na rabo. A misalinmu, a ce kun tsaya a kan rago mai nauyin kilo 45 zuwa 50 a raye.

Mataki na biyu: ka kafa naka turken kafin a kafa maka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Sanin cewa akwai turke ba ya kwance mutum daga gare shi. A 1987 Gregory Northcraft da Margaret Neale suka kai ƙwararrun dillalan gidaje na birnin Tucson da ke Amurka su duba wani gida. Kowa an ba shi bayanai iri ɗaya, sai dai farashin da aka ce mai gida na nema an bambanta shi. Waɗanda aka nuna wa babban farashi sun yi wa gidan kuɗi da tsada, waɗanda aka nuna wa ƙarami sun yi masa da sauƙi, kuma mafi yawansu suka ce ai su ba su kula da wannan lambar ba. Mutanen da sana'arsu ke nan fa. Don haka kada ka ce kai ɗan kasuwa ne, ba a yi maka wayo. Maganin lamba sai wata lambar, wadda ka samo daga inda ba a neman sayar maka da komai.

Ga inda za ka samo ta. Je wurin mahauta kwana biyu ko uku kafin ranar, ka tambayi mutum biyu ko uku nawa kilon naman rago. Mahauci yana sayen dabba kusan kullum da kuɗinsa, kuma idan ya yi kuskure shi ke faɗuwa, shi ya sa farashinsa ya fi kusa da gaskiyar nama. A ce sun ce 8,000.

Rago idan an yanka an feɗe, an cire kai da ƙafafu da fata da kayan ciki, abin da ke saura na nama da ƙashi bai cika kai rabin nauyinsa ba. Mai kilo 50 zai ba da wajen kilo 23. Kilo 23 sau 8,000 ya kama 184,000. Ƙara abin da kai da ƙafa da kayan ciki da fata za su yi, a ce 30,000. Ya zama 214,000, mu ce 215,000. Wannan shi ne darajar ragon a matsayin nama. Amma ragon layya ba nama kaɗai ba ne: ana son namiji lafiyayye marar aibi, kuma kowa a mako ɗaya yake nema, dole a biya wani abu a kai. Kai za ka yanke nawa ka yarda ka ƙara. Idan ka ce ɗaya bisa biyar, iyakarka ta zama wajen 260,000. Raba da 50, ka samu 5,200 a kowane kilo na rago mai rai. Wannan lambar ita ce abin riƙonka. Rubuta ta a takarda ko a waya, domin lambar da ke cikin kai kawai tana narkewa idan rana ta take, ga ƙura ga hayaniya.

Saura sanin nauyin rago a kasuwar da ba a awo da sikeli. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon mahauci ake nufi, ba na wanda ke sayen rago sau ɗaya a shekara ba. Ɗauki tef irin na tela. Auna kewayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, ka matse gashi sosai. Sannan auna tsawon jiki daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin da ya turo kusa da gindin wutsiya. Duka da santimita. Lissafin shi ne:

nauyi = ƙirji × ƙirji × tsawo ÷ 10,840

Ragon da ƙirjinsa 85, tsawonsa 75: 85 sau 85 ya ba da 7,225, sau 75 ya ba da 541,875, raba da 10,840, kilo 50 ke nan. Ƙiyasi ne, yana iya kaucewa da 'yan kiloli sama ko ƙasa, amma ya fi kallo nesa ba kusa ba. Yana da wata fa'ida kuma: ƙirji kake aunawa ba ciki ba, don haka ragon da aka cika wa tumbi da ruwa da dusa da safe ba zai ruɗe ka sosai ba. Balami da Uda dogaye ne, tsayin ƙafa da faɗin kunne kan sa su cika ido fiye da naman da ke jikinsu, ɗan Yankasa mai ƙiba kuwa yakan fi yadda ake ganinsa nauyi. Ka haɗa da dafa gadon baya: idan ƙashin baya na sukar tafin hannunka, ragon ramamme ne komai girman ƙahonsa. Za a yi maka dariya idan ka fito da tef, wani ma ya ce ko riga za ka ɗinka masa. Ba komai. Idan kunya ba za ta bar ka ba, ɗauki mahaucin unguwarku ka ba shi na goro, amma ka tabbata daga hannunka kaɗai yake karɓa.

Mataki na uku: zagayen farko, ba ciniki

Lura da inda dillali ke fara kai ka. Sau da yawa wurin ƙaton da ya fi kowane zai nufa, wanda ake cewa miliyan ɗaya ko fiye. Ya san ba shi za ka saya ba. Amma da ka ji miliyan, na dubu 480 sai ya zama mai sauƙi a kunnenka, alhali da daga na dubu 150 ka faro, da ka ji shi da tsada ƙwarai. Saboda haka kai ka tsara zagayenka. Faro daga ƙanana ka hauro, ka tambayi kuɗin raguna akalla biyar masu girman da kake so, a wurare daban-daban da ba dillali ɗaya ke riƙe da su ba. Kowane ka raba kuɗinsa da nauyinsa. A wannan zagayen kada ka taya ko ɗaya.

A nan ne kuma za ka ga taro a kan wasu raguna. Taro ba kullum yake ƙarya ba, kuma wanda ya ce a yi watsi da abin da jama'a ke yi gaba ɗaya bai san kasuwa ba. Abin da za ka duba uku ne. Su waye suka taru, masu sanin dabba ne ko 'yan kallo? Kowa da kansa ya zo, ko ganin wani ya tsaya ne ya sa shi ma ya tsaya? Sannan akwai wanda ya fito da kuɗi? Mahauta uku da ba tare suka zo ba suna ƙirga kuɗi a garke ɗaya, wannan shaida ce mai ƙarfi cewa farashin wurin ya yi. Mutum goma da suka kewaye rago suna "Masha Allah", ba wanda ya sa hannu a aljihu, ba su gaya maka komai ba sai cewa ragon yana da kyan gani. Bin yarima ne a sha kiɗa.

Akwai kuma taron da shirya shi aka yi. Kana cikin ciniki wani zai ɓullo ta bayanka ya ɗora dubu 20 a kan tayinka, kai kuma zuciya ta ɗebe ka ka ƙara. Wannan dabara tsohuwa ce, har tana da suna a littattafan fiƙihu, najashu, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Gane ta ba wuya. Mai yin ta ba ya duba haƙori, ba ya dafa baya, idonsa a kanka yake ba a kan rago ba. Ka ce, "Malam, Allah ya sa albarka, na bar maka," ka matsa gefe. Idan bayan ɗan lokaci ragon na nan a ɗaure, shi kuma yana zaune a benci ɗaya da dillalin, ka samu amsa. Ba ina cewa haka dillalan Kara suke ba, da yawansu mutanen kirki ne masu tsare amana. Amma ko na kirkin sai an yi ciniki yake samun la'ada, wani kuma mai dabba ya riga ya yanke masa kuɗi, abin da ya haura nasa ne. Ka san wannan kafin ka ɗauki maganarsa a matsayin shawara.

Mataki na huɗu: cinikin kansa

Bari mu bi ragon nan mai kilo 50. Dillali ya ce kuɗinsa 480,000, an kuma taya 400,000.

Mutumin da ya zo ba lamba a hannu, ga yadda takan kasance masa. Yana jin kunyar ya faɗi abin da ya yi nisa da 400, kada a ce ya raina dukiyar mutane, sai ya ce 300. A ce masa albarka. Ya ce 330. Dillali ya ja shi gefe, ya rage murya: "Alhaji, don kai na, kawo 420." A ja, a ja, daga ƙarshe wani ya ce a raba bambancin biyu, a tsaya a 375,000. Ya koma gida yana murna an rage masa 105,000. Ragi daga ina? Daga lambar da mai sayarwa ya ƙirƙira da bakinsa. In an auna da lissafin mahauta, ya biya 7,500 a kilo, ya haura iyakar 260,000 da 115,000.

Ka kula da wannan "a raba biyu". Ana ganinsa adalci, amma duk dubu 100 da mai kaya ya ƙara a farashinsa na farko, kai za ka biya 50 daga ciki. Shi ya sa tsohuwar dabarar nan ta taya rabin abin da aka faɗa ba ta kare kowa: rabin lambarsa har yanzu lambarsa ce, kuma ya san da dabarar tun kafin ya buɗe baki.

Kai da ka zo da takarda, ga abin yi. Idan an ce "taya", to ka taya, kada ka ce sai shi ya fara faɗi. Al'adarmu ta ciniki ta ba mai saye wannan damar, kuma wanda ya san darajar kaya ya fi cin riba idan shi ya fara ajiye lamba. Wanda bai sani ba ne ya kamata ya yi shiru. Faro ƙasa kaɗan da darajar nama, a ce 200,000, kuma ka haɗa da dalili: "Baba, na auna shi, bai wuce kilo 50 ba, ga kuma yadda mahauta ke sayar da nama." Lamba mai dalili ta fi wuyar turewa da dariya.

Idan kuwa ya riga ka, ya faɗi 480 da labarin wanda ya taya 400, kada ka mayar da tayi nan take, domin duk abin da ka faɗa a lokacin daga lambarsa za ka auno shi. Tsaya ka lissafa wa kanka dalilai biyu ko uku da suka sa wannan kuɗin bai dace da ragon ba: nauyinsa kaza ne, na ga irinsa can a kaza, bayansa bai cika ba. Wannan ba camfi ba ne. A shekarar 2000 Thomas Mussweiler da abokan aikinsa suka gwada shi a Jamus da makanikai da dillalan mota, aka kai musu tsohuwar mota aka faɗa musu farashi. Waɗanda aka sa su fara kawo dalilan da farashin bai yi daidai ba, jan da lambar ta yi musu ya ragu. Raguwa ya yi, bai ɓace ba, shi ya sa takardar take da amfani. Game da mai tayin 400 kuwa, tambaya ɗaya ta isa, cikin raha: "To ina yake, Baba? In ya dawo a ba shi." Tayin da ba a biya ba bai zama farashi ba.

Ƙarinka ya riƙa ƙanƙancewa: daga 200 zuwa 225, zuwa 240, zuwa 250, zuwa 255. Mai sauraro zai gane ka kusa bango. Wanda ke ƙara dubu 30 kowane zagaye yana sanar da cewa akwai saura a aljihu. Da ka kai 260, ka yi sallama ka tafi da gaske. Wani lokaci a biyo ka, wani lokaci ba za a biyo ba. A ce ba a biyo ba, ka koma ga wani da ka gani a zagayen farko, ƙirji 82, tsawo 74, wato kilo 46. Sau 5,200 ya kama wajen 239,000. Aka sallama maka a 240,000. Bambancinsa da na farko kilo 4 ne a raye, wajen kilo 2 na nama, bambancin kuɗi da mutumin nan da ya biya 375,000 kuwa 135,000.

Inda lissafin ke iya cin ka

Lambarka ma turke ce, kuma tana iya zama ba daidai ba. Mafi yawan kuskuren daga farashin bara yake zuwa. Mutum ya riƙe cewa bara a kaza ya saya, ya yi ta yawo yana cewa 'yan kasuwa sun zalunta, alhali dusa da harawa da kowar wake da kuɗin mota duk sun tashi a kan mai kiwo. Alamar da za ta nuna maka ita ce wannan: idan raguna biyar a hannun mutane biyar da ba su haɗa komai ba duk sun tsaya a 6,000 ko sama a kilo, kuma kana ganin ana biya ana jan igiya, to kasuwar ce haka, ba turken dillali ba. Nan bin jama'a ya zama daidai. Sai ka zaɓi ɗaya: ka sauko a girma, ko ka ɗaga iyakarka. In za ka ɗaga, fita daga kasuwar tukuna, ka samu inuwa ka sake lissafi a zaune. Kada ka ɗaga ta hannunka na kan bayan rago.

Masu cewa a jira jajibere farashi zai faɗi, wata shekarar su ci, wata shekarar raguna su yi ƙaranci su sayi ƙarami da kuɗin babba. Haka masu tafiya Achida ko Illela neman sauƙi: a haɗa da kuɗin mota da na ɗauko dabba da abincinta na kwanakin da suka rage kafin a ce an samu araha.

Masu tallan raguna ta waya kuwa, abu biyun nan ne dai suka sauya riga. Farashin da aka soke da jan layi aka rubuta sabo a ƙasansa turke ne, hotunan da aka buga wa "an sayar" da saƙonnin godiya kuma su ne taron. Ka nemi a auna maka ƙirji da tsawo a bidiyo, tef ɗin yana fitowa sarai, ka yi lissafinka kamar kana Kara.

Bayan ka kawo rago gida, maƙwabta za su tambayi nawa, wani ya ce an cuce ka, wani ya ce ka yi sa'a. Dukansu da nasu ragon suke aunawa. Abin da zai amfane ka shi ne ranar Sallah, bayan an feɗe, ka ɗora naman a sikeli kafin a kafe shi a wuta. Rubuta awon tef, da nauyin da ka ƙiyasta, da kilon da ya fito, da abin da ka biya, da kuɗin kilon nama a wurin mahauta a makon. Idan mai kilo 46 ya ba ka 21 ko 22, awonka ya yi daidai. Idan 18 ya bayar, ko ba ka matse tef ba ko ragon bai kai ƙibar da ka zata ba, sai ka rage ƙiyasinka baɗi. Kuma baɗin, awon da ke takardar za ka ɗauka, kuɗin kilo kuwa ka sake tambayar mahauta.